Tambayoyi da Amsoshi Kan Tukunyar Otokilef: Dalilin Amfani da Tururi Mai Matsi da Yadda Ake Tabbatar da Ta Yi Aiki

Otokilef tukunya ce ta ƙarfe mai murfin da ke kullewa gam, wadda ake kashe ƙwayoyin cuta kakaf da ita a jikin kayan tiyata, kayan haƙori, auduga, yadudduka da kayan ɗakin gwaje-gwaje. Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur a birnin Paris, shi ne ya ƙera ta a 1879, bisa tushen tukunyar tururi da Denis Papin ya ƙirƙira tun 1679. Tambayoyin da ke tafe su ne waɗanda mai riƙe da ita yake bukatar amsarsu.

Tun da tafasasshen ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, me ya sa ba za a dafa kayan a tukunya kawai ba?

Tafasa tana kashe mafi yawan ƙwayoyi, amma ba ta kashe dukansu. Akwai nau'o'in bakteriya, irin su mai haddasa sandarewar jiki da ake kira tetanos, waɗanda idan yanayi ya yi musu tsanani sukan janye ruwan jikinsu, su lulluɓe kansu da ɓawo mai kauri, su kwanta kamar irin shuka da ke jiran damina. A wannan rubutu za a kira su ƙwayoyi masu sulke. Wasunsu suna jure tafasa ta sa'o'i, sannan su farfaɗo da zarar sun samu jiki mai ɗumi da danshi, kamar cikin rauni.

Ruwa kuwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, komai ƙarfin wutar da aka hura masa. Ƙarin wuta yana ƙara saurin ƙonewar ruwan ne kawai, zafinsa yana nan inda yake. Wanda yake son ruwa da tururinsa su haura wannan iyaka ba shi da wata hanya sai ya kulle su, matsi ya taru a kansu.

Ke nan matsin ne yake kashe ƙwayoyin?

A'a, kuma yawancin kura-kuran da ake tafkawa daga wannan rashin fahimta suke tasowa. Matsin da ke cikin otokilef bai fi na tayar mota ba, kuma irin wannan matsi ba ya yi wa ƙwaya mai sulke komai. Amfaninsa guda ɗaya ne: yana ɗaga matakin da ruwa yake tafasa. Idan matsin cikin tukunyar ya ɗara na iskar waje da kimanin bar 1, wanda a wasu geji, wato ma'aunin matsi, ake gani a matsayin psi 15, ruwa yana tafasa ne a digiri 121. Idan ya ɗara da bar 2 da 'yan kai, wato kimanin psi 30, zafin yana kaiwa digiri 134. Mai kisan shi ne zafi mai danshi. Saboda haka allurar geji tana iya nuna psi 15 daidai, alhali kayan da ke ciki ba su ga digiri 121 ba ko na daƙiƙa guda, kamar yadda bayani zai zo a kan batun iska.

Me ya sa sai tururi? Ai tanda mai busasshen zafi tana wuce digiri 121 nesa ba kusa ba.

Dalilai biyu ne. Na farko ya shafi yadda ƙwaya take mutuwa. Furotin da ke jikinta yana daskarewa ya lalace da sauri idan akwai ruwa, kamar yadda farin ƙwai yake ƙanƙamewa a tafasasshen ruwa, ba ya kuma komawa yadda yake. Idan babu ruwa, furotin yana da juriya ƙwarai, sai dai zafi ya yi ta cinsa sannu a hankali. Shi ya sa abin da tururi yake gamawa cikin minti 15 a digiri 121, busasshiyar tanda take bukatar sa'a 2 a digiri 160 kafin ta gama shi, kuma a irin wannan zafi yadi yana babbakewa, roba tana lalacewa.

Dalili na biyu shi ne yawan zafin da tururi yake ɗauke da shi a ɓoye. Kai kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa 100 yana cin kimanin kilojul 420, amma mayar da wannan ruwa tururi yana cin kimanin kilojul 2,260, wato fiye da ninki biyar, ba tare da ma'aunin zafi ya motsa ba. Da zarar tururin ya taɓa sanyayyen almakashi, sai ya koma ruwa, ya juye wannan zafi gaba ɗaya a jikin ƙarfen nan take. Duk macen da ta taɓa buɗe madambaci tururi ya bugi hannunta ta san bambancinsa da hucin gawayi. Bugu da ƙari, idan tururi ya koma ruwa girmansa yana raguwa sau ɗaruruwa, ya bar gurbi, sabon tururi ya faɗa cikin gurbin. Da haka yake jan kansa zuwa tsakiyar ƙunshin yadi, zare bayan zare, har sai komai ya yi zafi ɗaya.

Wane zafi da wane tsawon lokaci ake bukata?

Mafi ƙarancin abin da aka amince da shi shi ne minti 15 a digiri 121, ko minti 10 a digiri 126, ko minti 3 a digiri 134. Amma wannan lokaci ana nufin wanda kowane sashe na kayan ya shafe a cikin wannan zafi ne, har da tsakiyar ƙunshi mafi kauri. Shi ya sa a ƙananan tukwane masu fitar da iska da nauyin kanta ake ba wa kayan da aka naɗe minti 30 a digiri 121. Ƙidayar tana farawa ne daga lokacin da zafi ya kai inda ake so. Lokacin da aka kunna wuta da lokacin bushewa duk ba sa cikin lissafi.

An ce iska ita ce babbar abokiyar gābar wannan aiki. Ta yaya?

Geji ba ya bambance tururi da iska. Abin da yake nunawa shi ne jimlar matsin duk abin da ke cikin tukunyar. Idan an kulle murfi da iska a ciki, wani kaso na psi 15 ɗin nan na iska ne, kason tururi ya ragu, zafi kuwa yana bin kason tururi ne kaɗai. Idan aka fitar da iska duka, psi 15 yana ba da digiri 121. Idan rabinta ya rage, zafin yana tsayawa wajen digiri 112. Idan ba a fitar da komai ba, da ƙyar yake wuce digiri 100. Sannan iska ta fi tururi nauyi, ba ta kuma isar da zafi da kyau, don haka takan kwanta a ƙasan tukunya, cikin kwanon da aka ajiye bakinsa a sama, cikin siririn bututu da tsakiyar dunƙulen auduga, ta tare wa tururi hanya.

Wani zai ce ai bambancin digiri 9 ba wani abu ba ne. Mu lissafa. Ƙwayoyi ba sa mutuwa lokaci ɗaya, suna raguwa ne kashi-kashi. Mu ɗauki ƙwayoyi masu sulke miliyan ɗaya, irin waɗanda ake gwaji da su, waɗanda a digiri 121 kowane minti ɗaya da rabi yake kashe tara cikin goma na abin da ya rage. Bayan minti ɗaya da rabi saura 100,000, bayan minti 3 saura 10,000, bayan minti 9 saura kamar ɗaya, kuma kafin a cika minti 15 yiwuwar a samu mai rai ta koma ɗaya cikin 10,000. To, a irin waɗannan ƙwayoyi, raguwar zafi da digiri 10 tana rage saurin kisan kimanin sau goma. A digiri 112, abin da yake cin minti ɗaya da rabi zai ci kusan minti 12.

Yanzu a ɗauka wata ma'aikaciya a ƙaramin asibitin karkara ta ɗora tukunyarta a kan gas, ta rufe bawul tun kafin iska ta gama fita saboda ana jiran kayan karɓar haihuwa. Allura ta hau psi 15, ta duba agogo, ta ba shi minti 30 cur, ba ta rage ko ɗaya ba. A digiri 112, a minti 30 ɗin nan sau biyu da rabi kawai aka samu kisan tara cikin goma na ƙwayoyin, wato daga miliyan ɗaya zuwa kimanin 3,000 masu rai. Ba ta yi ha'inci ba, geji bai lalace ba, tef ɗin da ake manna wa ƙunshi domin ya nuna ya shiga tukunya ma mai yiwuwa ya yi baƙi. Wannan ne ya sa nake ganin bai kamata a damƙa wa kowa otokilef ba sai ya iya bayyana wannan batu da bakinsa.

To, ta yaya ake fitar da iskar?

Ya danganta da irin na'urar. A tukunyar hannu da ake ɗorawa a kan wuta ko a jona da lantarki, ana barin bawul a buɗe bayan ruwa ya tafasa. Da fari za a ji yana tsartuwa yana yankewa, alamar iska da tururi a gauraye. Sai an ga tururi yana fita a miƙe da ƙarfi ba yankewa, an kuma bar shi tsawon mintunan da masu ƙera tukunyar suka rubuta a littafinta, sannan a rufe. A manyan na'urori masu aiki da nauyin iska, tururi yana shiga ta sama ya danna iska ta fita ta magudanar ƙasa, don haka dole a riƙa tsaftace matatar magudanar, domin zaren yadi da guntun takarda suna toshe ta. Nau'i na uku kuwa yana da famfo mai zuƙe iska sau da yawa kafin tururi ya shiga. A ƙananan na'urori ana ganin harafin B a kan irin wannan, harafin N kuma a kan wadda ba ta da famfo. Mai harafin N an yi ta ne domin kayan ƙarfe marasa rami da ba a naɗe ba, kuma ba daidai ba ne a dogara da ita wajen kayan da ke da dogon siririn bututu.

Yadda aka jera kaya ma yana da tasiri sosai. Almakashi da hantsaki a buɗe ake sa su, domin tururi ya shiga mahaɗarsu. Kwanuka da kofuna a karkace ake ajiye su, yadda iska za ta zubo kamar ruwa. Ƙunshin yadi a tsaye a gefensa yake zama, da ɗan fili tsakaninsa da ɗan'uwansa. Dram mai ramuka a gefe, wanda har yanzu ake amfani da shi a asibitoci da dama, a buɗe ramukansa suke shiga, a rufe su da zarar an fito da shi. Dram da aka cusa wa auduga da ƙarfi har murfi yana rufuwa da ƙyar, ko kuma ya shiga da ramuka a rufe, tururi bayansa kawai zai lasa.

Kafin duk wannan, sai an wanke kayan tas. Busasshen jini, maiƙo da majina suna zama garkuwa ga ƙwayoyin da ke ƙarƙashinsu.

Idan layukan tef sun yi baƙi, ba shi ke nan ba?

Tef ɗin da ake manna wa a bayan ƙunshi aikinsa guda ne: ya bambance ƙunshin da ya shiga tukunya da wanda bai shiga ba. Layukansa sukan yi duhu cikin ɗan lokaci, kuma a bayan ƙunshi yake, inda tururi ya fi saurin isa. Bai san abin da ya faru a tsakiya ba.

Tabbaci yana zuwa ne daga shaidu iri uku da ake haɗawa. Na farko shi ne abin da na'urar ta nuna: zafi, matsi da lokaci, waɗanda ake karantawa a rubuta a kowane zagaye. Ya kamata a riƙa kwatanta zafi da matsi, domin idan geji ya nuna psi 15 amma ma'aunin zafi yana ƙasa da 121, akwai iska a ciki. Na biyu shi ne 'yan takardun sinadari da ake sakawa a cikin kowane ƙunshi, a wurin da ya fi wuyar isa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 11140-1 ta kasa su gida shida. Tef yana gida na 1. Na gida na 5 da na 6 su ne ba sa kammala sauya launi sai zafi, lokaci da tururi sun cika tare. Wanda ya buɗe ƙunshi a ɗakin tiyata shi zai duba wannan takarda kafin ya taɓa komai, idan kuma ba ta sauya yadda ya kamata ba, ƙunshin ya koma ko da ana cikin gaggawa. Shaida ta uku ita ce gwaji da ƙwayoyi masu rai.

Yaya ake gwaji da ƙwayoyi masu rai?

Ana amfani da 'yar kwalbar roba mai tsawon ɗan yatsa. A cikinta akwai guntuwar takarda ɗauke da ƙwayoyi masu sulke na wata bakteriya mai suna Geobacillus stearothermophilus, daga 100,000 zuwa miliyan ɗaya, da kuma siririyar kwalbar gilashi mai ruwan abincin ƙwayoyi, galibi mai launin shunayya. An zaɓi wannan bakteriya ne domin ta fi ƙwayoyin cutar da aka saba gamuwa da su a asibiti jure tururi.

Ana naɗe kwalbar cikin ƙunshi irin na aikin yau da kullum, a ajiye ta a wuri mafi sanyi a na'urar, wanda galibi shi ne ƙasa kusa da magudana, a cikin cikakken lodi. Bayan an gama ta huce, sai a matse ta gilashin ya fashe, ruwan ya jiƙa takardar, a sa ta a na'urar ɗumamawa a zafin digiri 55 zuwa 60 na tsawon sa'a 24 zuwa 48, gwargwadon umarnin masu yin ta. Idan ƙwayoyin sun mutu, ruwan yana nan da shunayyarsa. Idan sun tsira, za su ci abincin su fitar da tsami, ruwan ya koma rawaya. Akwai kuma nau'in da wata na'ura take karantawa cikin 'yan sa'o'i ko ƙasa da haka.

Wani mataki da ake yawan tsallakewa shi ne kwalbar shaida. Ana ɗaukar kwalba ta biyu daga kwali ɗaya, wadda ba ta shiga tukunya ba, a fasa ta a ɗumama tare da ta farko. Dole wannan ta koma rawaya. Idan ita ma ta zauna da shunayyarta, to ko dai ƙwayoyin sun mutu tun a ajiya, ko na'urar ɗumamawa ba ta kai zafinta ba, kuma sakamakon kwalbar farko ba ya nufin komai. Inda zafin gari yake haura digiri 40 a bazara, ko ake yawan ɗauke wuta cikin dare, wannan kwalba ta biyu ce kaɗai za ta tona irin wannan matsala.

Ana yin gwajin aƙalla sau ɗaya a mako, da kuma bayan kowane babban gyara, da duk lodin da ke ɗauke da abin da za a bari a jikin mutum, kamar ƙarfen ɗaurin ƙashi. Irin wannan lodi ana riƙe shi har sakamako ya fito.

Mene ne gwajin Bowie-Dick?

Gwaji ne na fitar iska, wanda Bowie da abokan aikinsa suka wallafa a Birtaniya a 1963, kuma na na'urori masu famfon zuƙe iska ne kaɗai. Kowace safiya, bayan na'ura ta ɗumama kuma kafin lodin farko, ana sa ƙunshin gwajin shi kaɗai a saman magudana, a ba shi minti uku da rabi a digiri 134. Takardar da ke tsakiyarsa ya kamata ta sauya launi bai ɗaya daga gefe zuwa gefe. Idan aka ga fili mai haske a tsakiya, nan ne iska ta maƙale, kuma sai a binciki famfo da robar bakin ƙofa. Cin wannan gwaji yana nuna iska tana fita ne kawai, ba ya maye gurbin gwajin ƙwayoyi masu rai.

Idan kwalbar gwaji ta koma rawaya, me za a yi?

A dakatar da na'urar nan take. A tattaro duk ƙunshin da suka fito daga cikinta tun daga gwajin ƙarshe da ta ci, waɗanda ba a riga an yi amfani da su ba, a sake musu aiki daga farko a wata na'urar. A sanar da mai kula da hana yaɗuwar cututtuka game da waɗanda aka riga aka yi wa marasa lafiya amfani da su. A nan ne amfanin littafin rajista yake bayyana, domin idan kowane ƙunshi yana ɗauke da kwanan wata da lambar zagaye, cikin ɗan lokaci za a gano su, idan kuwa babu, sai an kwashe ɗakin ajiya gaba ɗaya.

Sai a nemi musabbabi, a fara da abin da ya fi yawan faruwa: cika lodi, zaɓen zagayen da bai dace ba, rufe bawul da wuri, toshewar magudana, tsagewar robar murfi. Idan an yi babban gyara, ba a mayar da na'urar bakin aiki sai ta ci gwajin ƙwayoyi sau uku a jere.

Ƙunshi ya fito a jiƙe, amma duk takardun sun sauya launi. Ana iya amfani da shi?

Ba a ajiye shi a matsayin tsarkakakke. Jiƙaƙƙen yadi ko takarda hanya ce da ƙwayoyi suke bi daga hannu ko tebur su shiga ciki. Ruwan kuma ba daga waje ya zo ba. Kowane kilo na ƙarfe yana mayar da kimanin giram 20 na tururi ruwa kafin ya kai digiri 121, don haka tire mai kilo 10 yana tara kusan kofin shayi guda. Zafin da ƙarfen ya riƙe shi ne zai busar da wannan ruwa a ƙarshen zagaye, muddin an ba shi lokaci. Tire mai nauyi ƙwarai, gajarta lokacin bushewa, da ɗora ƙunshi mai zafi a kan sanyayyen tebur na ƙarfe, su ne suka fi kawo wannan matsala.

Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar zagaye fa?

Ba a ɗorawa daga inda aka tsaya. Zagayen ya ɓaci, kuma ƙunshin sun riga sun jiƙe, don haka sai a sake naɗe su da busasshen abin naɗi a fara daga farko.

Tudun wuri yana shafar aikin?

Yana shafa, a tukwanen da suke dogara da geji ko nauyin bawul kaɗai. Geji yana auna ratar da ke tsakanin ciki da iskar waje ne, kuma a tudu iskar waje ba ta da nauyi kamar a bakin teku. A Jos, wadda take kimanin mita 1,200 sama da teku, psi 15 yana ba da wajen digiri 119 ne maimakon 121, ko da an fitar da iska duka. Mai aiki a irin wannan wuri ya bi ma'aunin zafi, ya kuma duba abin da littafin tukunyar ya tanada game da ƙarin matsi ko lokaci.

Akwai abin da otokilef ba ta iya tsarkakewa?

Akwai. Mai, basilin da busasshen gari ba sa barin tururi ya ratsa su, don haka busasshiyar tanda ce ta dace da su. Robobin da ba sa jure zafi suna narkewa ko su lanƙwashe, kuma kayan da aka yi domin amfani sau ɗaya ba a mayar da su. Gurɓatattun furotin da ake kira firiyon, masu haddasa cutar ƙwaƙwalwa ta Creutzfeldt-Jakob, suna tsallake zagayen yau da kullum, shi ya sa ake ba su minti 18 a digiri 134 tare da wasu matakai na musamman. Haka nan gubar da wasu bakteriya suke bari a baya, wadda take ta da zazzaɓi idan ta shiga jini, tana nan ko bayan ƙwayoyin sun mutu, wanda shi ma dalili ne na wanke kaya da ɗauraye su da ruwa mai tsafta tun da fari.

Ruwa-ruwa a cikin kwalba yana yiwuwa, amma da sharuɗɗa. Kada kwalbar ta wuce kashi biyu cikin uku a cika, a sassauta murfinta, a ƙara lokaci gwargwadon girmanta domin lita guda tana daɗewa kafin tsakiyarta ta yi zafi, sannan a bar matsi ya sauka a hankali. Idan aka saki tururi da sauri, ruwan da yake kan digiri 121 zai tafasa lokaci guda ya yi ambaliya, kwalbar ma tana iya fashewa. Ba a buɗe murfi sai allura ta koma sifili, ba a kuma ɗaga kwalaben sai sun huce zuwa ƙasa da digiri 80.